Yadda Ake Zaɓen Jimlar Farko a Takardar Bayanin Kai ta Neman Jami'a a Birtaniya

Ɗalibin da ke neman gurbin digiri na farko a Birtaniya yana bi ne ta hukumar UCAS, kuma a cikin fom ɗinta akwai sashen da aka rubuta wa Personal statement, wato wurin da mai nema zai yi bayanin kansa da dalilin da ya sa ya cancanci karatun da yake so. Wanda ya taso a tsarin JAMB bai saba da irin wannan rubutu ba, domin a can maki ne ke magana, babu mai tambayar ka dalilin zaɓen kwas. Shi ya sa idan ɗalibinmu ya zauna gaban wannan akwati, abin da ke fara zuwa masa shi ne jimlar da ya saba ji a muhawarar makaranta: «Tun ina ƙarami nake mafarkin zama likita.» Na karanta daftarin ɗalibai da dama da suka fara da haka, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu suna da abin faɗa mai kyau, sai dai yana binne a sakin layi na uku, inda mai karatu ba lallai ya isa da irin natsuwar da ya fara da ita ba.

Wurin da aka ba ka ƙanƙane ne. Haruffa 4,000 ne gaba ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, abin da bai cika wuce kalmomi 600 zuwa 650 na Turanci ba. Daga masu shiga jami'a a shekarar 2026, UCAS ta raba takardar zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son karanta wannan fanni, yaya karatunka na baya ya shirya ka, sannan me ka yi a wajen aji domin shiri da kuma amfaninsa. Kowace amsa tilas ta kai haruffa 350. Ma'anar wannan ita ce jimlarka ta farko yanzu amsa ce ga tambayar da ke rubuce a samanta, don haka ba ka buƙatar gabatarwa ko sallama, kuma ba ka buƙatar maimaita tambayar kafin ka amsa ta.

Mataki na farko: gane abin da ke damun jimlar ƙuruciya

A shekarar 2016 UCAS ta fitar da jerin jimlolin da masu nema suka fi buɗe takardunsu da su a zangon 2015. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce mai ma'anar «tun ina ƙarami nake sha'awar kaza», mutum 1,779 ne suka fara da ita. Mai bi mata, wadda ke nufin «tun da na yi wayo», ta fito sau 1,451, sai «ina neman wannan kwas ne saboda» sau 1,370. Har maganar Nelson Mandela kan cewa ilimi makami ne ta shiga jerin. 

Amma yawan maimaitawa ba shi kaɗai ne aibin ba, kuma wanda bai fahimci sauran ba zai gudu daga wannan jimla ya faɗa wa 'yar'uwarta. Babban aibin shi ne jimlar iƙirari ce da babu hanyar tabbatar da ita. Malamin da ke tantance takardu ba zai iya komawa ya ga ko da gaske kana ɗan shekara bakwai kake kwance rediyon mahaifinka ba, kuma ko da ya gani, hakan bai gaya masa komai game da kai na yau ba. Abin da yake nema ya sani shi ne ko wannan matashi mai shekara 17 ko 18 ya fahimci abin da fannin ya ƙunsa, kuma ko zai iya jure shekara uku ko huɗu yana karanta shi. Daɗewar sha'awa ba ta amsa wannan. Yaro yana son zama likita ne saboda farar riga da girmamawar da ake yi wa mai ita, alhali karatun likita haddar sassan jiki ne da ilimin sinadarai da kwana a asibiti. Idan ka jingina dalilinka da ƙuruciya, kana nuna cewa ra'ayinka game da fannin bai motsa ba tun lokacin da ba ka san komai a kansa ba.

Akwai kuma wata al'ada da muka ɗauko daga darasin rubuta wasiƙa na jarrabawar WAEC, inda ake farawa da sanar da mai karatu cewa «na rubuto ne domin neman kaza». A wasiƙar neman aiki wannan daidai ne, amma a nan fom ɗin ya riga ya faɗi abin da kake nema, kuma haruffan da ka kashe a kai ba za su dawo ba.

Mataki na biyu: bar jimlar farko sai ƙarshe

Kada ka fara da neman mabuɗi. Rubuta amsoshin tambayoyin uku tukuna, yadda suka zo, ko da sun zarce haruffa 4,000, domin yankewa ta fi ƙari sauƙi. Idan hannunka ya ƙi motsi sai ka rubuta «tun ina ƙarami», to rubuta ta, ka ci gaba, ka sani cewa tsani ce da za a janye daga baya. Dalilin wannan tsari shi ne jimlar farko tana nuna hanyar da sauran rubutun zai bi, kuma ba ka iya nuna hanyar da ba ka taka ba tukuna.

Mataki na uku: tono abin da ya faru kwanan nan

A nan ne aikin yake, kuma ya cancanci kwana biyu ko uku. Ɗauki takarda dabam ka iyakance kanka ga shekara biyu da suka wuce, wato daga ajin SS2 zuwa yau. Duk abin da ya gabaci haka ka ajiye shi gefe. A cikin wannan tsakani, rubuta lokutan da fannin ya tsayar da kai: darasin da ka kasa ganewa har ka je ka nemi ƙarin bayani da kanka, gwajin da ya ba da sakamakon da ba ka zata ba, littafin da ka karanta ka ƙi yarda da wani sashe nasa, ko wani abu a unguwarku da ka kalla da idon darasin da aka koya maka. A gaban kowane ɗaya ka amsa abu uku a taƙaice: me ya faru, me ya ba ka mamaki, me ka yi bayan nan. Wanda ba shi da amsa ta uku ka soke shi, domin mamakin da bai kai ka ga wani aiki ba labari ne kawai.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ce a Kano mai neman injiniyan lantarki. Daftarinta na farko ya buɗe da cewa tun tana ƙarama take mafarkin zama injiniya domin ta magance matsalar wuta a Najeriya. Buri ne mai kyau, kuma ba ƙarya take yi ba, amma duk ɗalibin da ya taso da ɗaukewar wuta zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan jimla. A sakin layi na uku kuwa, cikin jerin abubuwan da ta yi, ta ambaci cewa tana taimaka wa mahaifinta kula da faifan sola na shagonsa. Da aka tambaye ta abin da kulawar ta ƙunsa, sai labarin ya fito. A lokacin hunturu batirin shagon ya daina cika kafin magariba. Ta ari mita daga mai gyara, ta auna faifan yana lulluɓe da ƙura, sannan ta goge shi ta sake aunawa. Abin da ta zata shi ne awon folt zai yi tsalle, amma da ƙyar ya motsa, sai awon amfiya ne ya tashi daga wajen 4 zuwa sama da 5. Ta tambayi malamin fiziks, ya nuna mata inda za ta duba, ta gano cewa yawan wutar da ke gudana daga faifan yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da yawan hasken da ya isa gare shi, alhali folt ɗin yana sauyawa ne kaɗan kaɗan ko da haske ya ragu sosai.

Wannan shi ne mabuɗinta, kuma tun farko yana cikin takardar. Yana da lokaci, yana da wuri, yana da zaton da ya karye, yana kuma da abin da ta yi daga baya. Ka lura cewa abin ba gagarumi ba ne. Ba ta ƙera komai ba, ba ta ci gasa ba, tsumma da mitar aro ne kawai. Ɗalibai da yawa suna raina irin wannan abu domin suna ganin sai wanda ya yi horo a babban kamfani ne ke da abin faɗa, alhali malamin jami'a ya fi damuwa da yadda ka yi tunani a kan abin da ka gani fiye da girman wurin da ka gan shi.

Mataki na huɗu: sassaƙa jimlar

Zan kawo misalan da Hausa domin a ga ginin tunanin, duk da cewa da Turanci za a shigar da su. Yunƙurin ɗalibar na farko ya fito kamar haka: «A wata safiya mai sanyi ta hunturu, yayin da ƙura ta lulluɓe birnin Kano mai daɗaɗɗen tarihi, na hau rufin shagon mahaifina cike da zumuɗi.» Wannan ta kuɓuta daga ƙuruciya, amma ta faɗa wani ramin, domin ta zama farkon ƙagaggen labari. Kalmomi sama da ashirin sun tafi ba a ambaci lantarki ba, kuma sanyin safiya da tarihin Kano ba su ƙara wa hujjarta komai ba. Salon buɗewa da zana yanayi ya fi karɓuwa a rubutun neman jami'o'in Amurka, inda ake ba da kalmomi har 650 domin a san halin mutum. A Birtaniya kana neman kwas guda ne tun daga ranar farko, kuma mai karanta takardar yana son ya ga fannin da wuri.

Yunƙuri na biyu ya karkata ɗaya gefen: «Dangantakar da ke tsakanin hasken rana da wutar da faifan sola ke samarwa abu ne mai ban sha'awa ƙwarai.» Fannin ya fito, amma ɗalibar ta ɓace, kuma jimlar ta koma kamar daga littafin aji aka ɗauko ta. Kalmar «ban sha'awa» ma iƙirari ce irin ta «tun ina ƙarami», tana faɗin ji ba tare da nuna abin da ya haifar da shi ba.

Na uku shi ne ya zauna: «Da na goge ƙurar hunturu daga faifan sola na shagon mahaifina, na zaci folt ne zai tashi, sai ga shi amfiya ce ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, folt kuwa da ƙyar ya motsa.» Jimla ta biyu ta biyo nan take ta ce neman dalilin wannan ne ya kai ta ga karanta yadda haske ke 'yanto ƙwayoyin lantarki a cikin silikon, kuma daga nan ta gane cewa abin da take son fahimta shi ne yadda na'urorin lantarki ke aiki daga ciki. A cikin jimloli biyu ta amsa tambayar farko ba tare da ta furta kalmar buri ko mafarki ba.

Jimla ta biyu tana da nauyi daidai da ta farko, kuma a nan ne da yawa ke sakin igiya. Mabuɗin da aka kafa aka wuce ba a sake waiwayarsa ba, ado ne kawai. Idan ka buɗe da wani abu da ya faru, dole jimlar da ke biye ta faɗi abin da ka fahimta daga gare shi da yadda ya haɗu da kwas ɗin. Ga tsawo kuwa, ina ba da shawarar kada jimlar farko ta wuce kalmomi 30 zuwa 35 na Turanci, kuma a ce sunan wani abu na fannin ya bayyana kafin a kai ƙarshenta.

Mataki na biyar: gwada ta

Gwaji na farko shi ne ka rufe sunanka ka tambayi kanka ko abokin zamanka a aji zai iya ɗaukar jimlar ya sa a tasa takardar ba tare da ya yi ƙarya ba. Idan zai iya, to jimlar ba taka ba ce tukuna. Wata hanyar ita ce ka cire sunan fannin ka sa wani a gurbinsa. «Na daɗe ina sha'awar lantarki» tana karɓar shari'a ko tattalin arziki ba tare da ta karye ba, alhali jimlar faifan sola ba ta shiga ko'ina sai inda aka yi ta.

Gwaji na biyu na gaskiya ne. Oxford da Cambridge da makarantun likitanci suna kiran masu nema ganawa, kuma abin da ka rubuta yana iya zama mafarin tambaya. Idan aka ce wa ɗalibarmu ta bayyana dalilin da ya sa folt bai sauya ba, tana da amsa domin ta bi abin da kanta. Wanda ya buɗe da sunan babban littafin da ya karanta shafi goma kawai daga ciki, ya haƙa wa kansa rami. Ka ba wani malami jimlar, ka roƙe shi ya yi maka tambaya uku a kanta, ka ga ko za ka iya magana ta minti biyu ba tare da kame-kame ba.

Gwaji na uku ana yawan mantawa da shi. Takarda ɗaya ce ke zuwa ga duk zaɓinka, har guda biyar, saboda haka kada ka ambaci sunan wata jami'a a mabuɗi ko a ko'ina. Haka kuma idan kwasa-kwasan da ka zaɓa sun ɗan bambanta, misali injiniyan lantarki a wuri uku da injiniyan makamashi a wuri biyu, sai ka tabbatar jimlar ta tsaya a inda suka haɗu. Misalin faifan sola ya dace da duka biyun. Da ɗalibar ta sa kimiyyar kwamfuta a cikin zaɓinta, da sai ta sake tunani.

Abubuwan da ke kama da mafita

Wanda aka hana jimlar ƙuruciya yakan koma ga maganar wani shahararre, ko ma'anar kalma daga ƙamus, ko tambayar da ba a jiran amsarta. Duka ukun suna ba wa wani wurin da ya kamata a ji muryarka. Karin magana ma haka take, duk da daɗinta a bakinmu, domin idan aka juya ta zuwa Turanci gishirinta yakan zube, sannan sai ka kashe wata jimlar wajen bayyana ta. Game da ɗauko mabuɗi daga samfuran da ke yawo a intanet ko daga takardar yayanka da ya samu gurbi bara, ka sani UCAS tana bi da kowace takarda ta manhajar da ke kwatanta ta da waɗanda aka taɓa turowa, kuma idan kamannin ya yi yawa tana sanar da jami'o'in da ka nema.

Idan labarin ƙuruciyar gaskiya ne

Wannan tambaya tana zuwa musamman daga masu neman likitanci da aikin jinya, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Akwai wanda ya taso yana jinyar ƙaninsa mai sikila, ya kwana a asibiti fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kuma da gaske daga nan niyyarsa ta samo tushe. Ba a ce ya ɓoye wannan ba. Abin da ake so shi ne ya shigo ta ƙofar yau. Maimakon ya ce tun yana ɗan shekara takwas da ya ga ƙaninsa cikin ciwo ya ƙudurta zama likita, sai ya fara da ranar da darasin gadon halitta a SS3 ya bayyana masa dalilin da ya sa iyaye biyu masu AS ke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifar mai SS a kowane ciki, da yadda hakan ya sa ya fahimci cewa lissafin ba ya nufin ɗaya daga kowane 'ya'ya huɗu. Daga nan ƙanin zai shigo a jimla ta biyu ko ta uku, a matsayin dalilin da ya sa darasin ya tsaya masa a rai. Labarin bai rasa komai ba, kuma mai karatu ya fara haɗuwa da ɗalibi mai tunani kafin ya ji abin da iyalin suka sha. Idan kuma rashin lafiya ko rasuwa ta shafi sakamakon jarrabawarka, wurin bayyana hakan shi ne takardar shaidar da malaminka zai rubuta, domin tana da sashen da aka ware wa irin wannan yanayi.

Mataki na ƙarshe: juyawa da shigarwa

Babu laifi ka yi tunanin jimlar da Hausa, sau da yawa ma hakan ya fi fito da gaskiyar abin. Sai dai wajen juyawa ka guji jarabar nemo manyan kalmomin da ba ka amfani da su a magana. Turanci mai sauƙi, da aikatau na abin da ka yi, kamar aunawa da gogewa da kwatantawa, ya fi kalmomin zuzuta ji tasiri. Kalma irin ta hunturu tana da sunanta da aka sani a Turanci, amma abin da mai karatu a Leeds ko Glasgow ba zai gane ba, ka bayyana shi da kalma biyu ko ka sauya shi.

Karanta jimlar a bayyane, domin kunne yana kama tuntuɓen da ido ya tsallake. Ka ba mutum biyu kawai su duba, malamin fannin da wani mai kyakkyawan Turanci, don idan hannaye suka yi yawa jimlar takan koma ta kowa. Sannan ka liƙa rubutun a cikin akwatin UCAS da wuri ka ga ƙidayar da yake nunawa, domin ita ce abin dogaro, kuma takan ɗan saɓa da ta manhajar rubutu. Masu neman Oxford ko Cambridge ko likitanci wa'adinsu 15 ga Oktoba ne, mafi yawan sauran kwasa-kwasai kuma a watan Janairu, don haka mai wa'adin Oktoba ya kamata a ce jerin abubuwan mataki na uku yana hannunsa tun cikin hutun Agusta, ya bar makonnin Satumba domin sassaƙa da gwaji.